Gefe-kusurwa-gefe ko kusurwa-gefe-kusurwa: yadda ake zaɓar hujja wajen tabbatar da cewa alwatika biyu daidai suke

Kowace alwatika tana da gefe uku da kusurwa uku, kuma idan aka ce alwatika biyu daidai wa daida suke, ana nufin da za a yanko ɗaya a ɗora ta a kan ɗayar, ko da sai an juya ta ko an kife ta, za ta rufe ta ruf, babu ragi babu ƙari. Wannan yana nufin awo shida na wannan sun yi daidai da awo shida na waccan. Sai dai mai kafa hujja ba ya buƙatar nuna duka shidan, domin uku sun wadatar matuƙar an zaɓe su yadda ya kamata. Biyu daga cikin sharuɗɗan da aka fi aiki da su su ne gefe-kusurwa-gefe, wanda littattafan makaranta da takardun jarrabawa ke rubutawa SAS, da kusurwa-gefe-kusurwa, wanda suke rubutawa ASA. Ɗalibi yakan haddace su cikin sauƙi, amma da zarar an ajiye masa zane a gaba aka ce ya tabbatar da wani abu, sai ya rasa wanne zai ɗauka. A ganina tushen matsalar guda ne: yana neman amsa a kamannin zanen, alhali kuwa abin da tambaya ta bayar shi ne ke yanke hukunci.

Sharaɗin gefe-kusurwa-gefe yana cewa idan gefe biyu na wata alwatika sun yi daidai da gefe biyu na wata, kuma kusurwar da ke tsakanin gefen biyu ita ma ta yi daidai, to alwatika biyun daidai suke. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Almakashi yana nuna shi: tsawon bakinsa biyu ba ya canzawa, saboda haka da zarar an tsayar da iyakar buɗewarsa, tazarar da ke tsakanin tsininsa biyu ta riga ta tsayu, babu wani zaɓi da ya rage. Wannan tazarar ita ce gefe na uku. Sharaɗin kusurwa-gefe-kusurwa kuwa yana farawa ne daga gefe guda. Idan aka san tsawonsa, aka kuma san kusurwar da ke kowane ƙarshensa, to layuka biyu da suka tashi daga ƙarshen nan biyu kowanne ya san inda ya dosa, kuma miƙaƙƙun layuka biyu ba sa haɗuwa sai a ɗigo ɗaya tak. Wannan ɗigon shi ne tsini na uku. A sharaɗi na farko kusurwa ce a tsakiyar gefe biyu, a na biyu gefe ne a tsakiyar kusurwa biyu, kuma jerin kalmomin da ke cikin sunan kowanne yana faɗin yadda abubuwan suke jere ne idan mutum ya bi alwatikar yana zagayawa.

Dukkansu suna cikin littafi na farko na aikin Yuklid, masanin lissafin da ya rayu a Iskandariya wajen shekara ta 300 kafin haihuwar Annabi Isa. Gefe-kusurwa-gefe shi ne mas'ala ta 4, kusurwa-gefe-kusurwa kuma yana cikin mas'ala ta 26. Yuklid ya kafa ta 4 ne ta hanyar ɗora alwatika a kan alwatika, hanyar da masana daga baya suka ga ba ta da gindi a cikin ƙa'idojin da shi kansa ya shimfiɗa tun farko, shi ya sa David Hilbert, masanin lissafi Bajamushe, a tsarin da ya wallafa a 1899, ya sanya jigon wannan sharaɗi cikin ƙa'idojin da ake karɓa ba tare da hujja ba. Ta 26 kuwa daga ta 4 aka ciro ta, kuma yadda aka ciro ta ya cancanci a sani. A ɗauki alwatika ABC da DEF, inda BC = EF, kusurwar B daidai da ta E, kusurwar C daidai da ta F. A ƙaddara AB ya fi DE tsawo. Sai a yanki BG a kan BA daidai da ED, a ja layi daga G zuwa C. Yanzu alwatika GBC da DEF suna da gefe biyu da kusurwar tsakani daidai, saboda haka kusurwa GCB daidai take da kusurwar F, wadda ita kuma daidai take da kusurwa ACB. Amma GCB wani yanki ne kawai na ACB, kuma yanki ba ya kai cikakke. Idan aka ƙaddara DE ne ya fi tsawo, haka za a sake cin karo da wannan saɓani. Dole ke nan AB = DE, sai sharaɗi na farko ya ƙarasa aikin.

Hanya mafi kyau da na sani ta ganin yadda ake zaɓa tsakanin sharuɗɗan biyu ita ce a ɗauki zane guda a yi masa tambayoyi daban-daban. A zana siffa mai gefe huɗu ABCD, haruffan suna bin juna a zagaye, AB a ƙasa, DC a sama, sa'an nan a ja layin da ya ratsa ta daga A zuwa C. Wannan layin ya raba ta gida biyu: alwatika ABC da alwatika CDA. Tun kafin a karanta tambaya akwai abu guda da zanen ya bayar kyauta, wato gefe AC na alwatika biyun ne baki ɗaya, don haka daidai yake da kansa. Saura abu biyu.

Tambaya ta farko ta ce AB da DC layuka ne masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, waɗanda ba za su taɓa haɗuwa ba duk nisan da aka tsawaita su, kuma tsawonsu ɗaya ne. Ana so a tabbatar da cewa AD = BC. Abin da aka bayar iri biyu ne. Tsawon AB da DC ya ba da gefe. Tafiyarsu kafaɗa da kafaɗa kuwa ba ta faɗin komai game da tsawo, kusurwa take haifarwa, domin idan wani layi ya ratsa irin waɗannan layuka biyu, kusurwoyin da ke lungu biyu na siffar harafin Z da ta fito daidai suke. A nan harafin Z ɗin shi ne hanyar da ta tashi daga B zuwa A, ta haura zuwa C, ta ƙare a D, kuma lungunansa su ne kusurwa BAC da kusurwa DCA. Hannunmu ke nan yana riƙe da gefe biyu da kusurwa ɗaya, sai a duba mazaunin kusurwar. Kusurwa BAC tana a tsinin A, inda AB da AC suka haɗu, kuma su ne gefe biyun da muke da su. Kusurwa DCA tana a tsinin C, inda CD da CA suka haɗu. Kusurwar tana tsakani a duka ɓangarorin, sharaɗin ya cika. Ga yadda ake rubuta hujjar, inda alamar ∠ ke nufin kusurwa, △ alwatika, ∥ tafiya kafaɗa da kafaɗa, ≡ kuma daidai wa daida:

AB = CD, domin tambaya ta bayar.
∠BAC = ∠DCA, domin AB ∥ DC kuma AC ya ratsa su.
AC = CA, domin gefe ne na tarayya.
Saboda haka △ABC ≡ △CDA, ta sharaɗin gefe-kusurwa-gefe, kuma BC = DA.

Akwai ƙarin riba. Tunda alwatika biyun daidai suke, kusurwa BCA ta yi daidai da kusurwa DAC, kuma wannan daidaito ya isa ya nuna cewa AD da BC su ma kafaɗa da kafaɗa suke tafiya. Wannan ita ce mas'ala ta 33 a littafin Yuklid na farko.

Tambaya ta biyu, a kan zanen nan dai, ba ta ambaci tsawon komai ba. Ta ce kawai AB ∥ DC, kuma AD ∥ BC, ana so a tabbatar da cewa AB = DC. Yanzu gefe ɗaya ne kacal a hannu, wato AC, kuma babu inda za a samo na biyu, saboda haka ƙofar gefe-kusurwa-gefe a rufe take tun kafin a fara. Amma bayanin kafaɗa da kafaɗa ya zo sau biyu, kowanne kuma yana ba da kusurwa. Na farko ya ba da ∠BAC = ∠DCA kamar ɗazu. Na biyu, ta harafin Z da ya tashi daga B zuwa C, ya gangaro A, ya ƙare a D, ya ba da ∠BCA = ∠DAC. A alwatika ABC kusurwoyin biyu suna a A da C, wato ƙarshen gefe AC biyu, haka ma a alwatika CDA. Gefen yana tsakani, don haka kusurwa-gefe-kusurwa ne, kuma daga nan AB = CD da BC = DA suka fito tare. Wannan ita ce mas'ala ta 34, wadda ke bin ta 33 kai tsaye.

Zane ɗaya ne, alwatika biyun su ne dai, sakamakon ma ɗaya ne, amma hujja biyu ce daban, kuma ba a iya musanya su. Nan ne kuskure mafi haɗari yake. Ɗalibin da ke amsa tambaya ta farko yakan kalli zanen ya ga AD da BC kamar ba za su haɗu ba, sai ya rubuta ∠BCA = ∠DAC ya rufe da kusurwa-gefe-kusurwa. Abin da ya rubuta gaskiya ne, amma ba shi da ikon faɗarsa a wannan mataki, domin tambaya ta farko ba ta ce AD ∥ BC ba, sai bayan an gama hujjar ne ake samun hakan. Haka nan mai amsa tambaya ta biyu da ya rubuta AB = CD don ya samu gefe na biyu ya ɗauki abin da aka ce ya tabbatar ya mayar da shi madogara. Ana gane wannan kuskure ta hanya mai sauƙi: a bi kowane layi na hujja a tambayi daga ina ya fito. Idan amsar ita ce tambaya ta bayar, ko gefe ne na tarayya, ko wata mas'ala da aka riga aka tabbatar ta haifar da shi daga abin da aka bayar, layin ya tsaya. Idan amsar ita ce haka yake a zane, layin ya faɗi, kuma duk abin da aka gina a kansa ya faɗi tare da shi. Har ila yau abin da ake nema a tabbatar yana taimakawa wajen zaɓi, domin idan gefe ne ake nema, wannan gefen ya fita daga cikin kayan aiki, sai a ƙirga abin da ya rage.

Akwai tambaya ta uku da ta fi waɗannan biyu koyarwa, domin ita amsarta a'a ce. A ce AB ∥ DC, kuma a wannan karon AD da BC ne aka ce tsawonsu ɗaya. Shin alwatika ABC da CDA daidai suke? Da ƙirge kawai abin yana kama da tambaya ta farko: gefe biyu, wato AC da BC, da kusurwa ɗaya, wato BAC. Mai gaggawa zai rubuta gefe-kusurwa-gefe ya wuce. Amma AC da BC a tsinin C suka haɗu, kusurwar da muke da ita kuwa tana a A. Ba ta tsakani, tana fuskantar gefe BC ne daga nesa. Jerin ya zama gefe-gefe-kusurwa, kuma wannan ba ya tsayar da alwatika.

Ana iya ganin haka da rula da kamfas da ma'aunin kusurwa. A ja dogon layi a ƙasa daga ɗigo A, a auna kusurwa mai digiri 30, a ja AC mai tsawon santimita 10 a kan wannan kusurwa. Tsayin C daga layin ƙasa rabin AC ne, wato santimita 5, kuma inda wannan tsayi ya sauka yana da nisan kimanin santimita 8.66 daga A. Yanzu a buɗe kamfas santimita 6, a kafa tsininsa a C, a zagaya. Tunda 6 ya fi 5, zagayen zai yanki layin ƙasa, kuma tunda 6 bai kai 10 ba, zai yanke shi a wuri biyu, duka a gefe guda na A. Ƙa'idar Fitagoras ta ba da tazarar kowane yanki daga gindin tsayin, wato √(36 − 25) = √11, kimanin santimita 3.32. Ɗigo ɗaya yana nisan kimanin 11.98 daga A, ɗayan kuma kimanin 5.34. Alwatika biyu ke nan, kowacce tana da kusurwa mai digiri 30 da gefe mai santimita 10 da gefe mai santimita 6, amma gefe na uku na ɗaya ya ninka na ɗayar fiye da sau biyu. Idan aka ɗauki babbar a matsayin ABC, aka juya ƙaramar aka manna ta a kan AC a matsayin CDA, za a samu siffa mai gefe huɗu wadda AB nata 11.98 ne, DC 5.34, su biyun kafaɗa da kafaɗa, AD da BC kuma kowanne santimita 6, suna karkata zuwa juna ta sama. Duk abin da tambaya ta uku ta bayar ya cika a wannan siffa, amma alwatika biyun ba daidai suke ba. Misali guda irin wannan ya isa ya rushe da'awa.

Saboda haka ƙirge shi kaɗai bai isa ba, sai an duba mazauni. Akwai dabarar dubawa da haruffa wadda ba ta buƙatar zane ma. Idan ana da'awar gefe-kusurwa-gefe, harafin da gefe biyun suka yi tarayya a kansa dole ya zama shi ne harafin tsakiya a sunan kusurwar: AB da AC sun yi tarayya a A, kusurwar kuma BAC ce, an dace. AC da BC sun yi tarayya a C, kusurwar kuma BAC ce, ba a dace ba. Idan kuma ana da'awar kusurwa-gefe-kusurwa, haruffan tsakiya na kusurwoyin biyu su ne ya kamata su haɗu su ba da sunan gefen: BAC da BCA suna da A da C a tsakiya, gefen kuma AC ne.

A nan sharuɗɗan biyu sun sha bamban ta wata fuska mai muhimmanci. Idan kusurwa ta kauce daga tsakiyar gefe biyu, hujja takan rushe kamar yadda aka gani. Idan gefe ne ya kauce daga tsakiyar kusurwa biyu, hujja ba ta rushewa, domin kusurwoyin alwatika uku idan aka haɗa su digiri 180 ne, wanda ya san biyu kuwa ya san ta uku. Shi ya sa ake karɓar kusurwa-kusurwa-gefe, wanda Yuklid ya haɗa shi da kusurwa-gefe-kusurwa a cikin mas'ala ta 26. Sai dai akwai sharaɗin da ba a sassautawa: gefen ya kasance a mazauni ɗaya a alwatika biyun. A ɗauki alwatika biyu, kowacce da kusurwa mai digiri 30 da mai digiri 90 da gefe mai santimita 10. Idan a ɗaya gefen yana fuskantar kusurwa mai digiri 90 ne, a ɗayar kuma yana fuskantar mai digiri 30, to gefe mafi tsawo na ta farko 10 ne, na ta biyu kuwa 20. Siffarsu ɗaya, girmansu daban. Wannan ne ma ya sa jerin haruffa a jimlar ƙarshe yake da nauyi. Da aka rubuta △ABC ≡ △CDA ana faɗin cewa A ta faɗa kan C, B kan D, C kan A, kuma daga jerin ne ake karanta cewa BC yana daidai da DA. Wanda ya rubuta △ABC ≡ △ADC ya faɗi wata magana daban, ya ce AB = AD, abin da babu wanda ya tabbatar.

Wani lokaci hanyoyin biyu duka a buɗe suke, musamman a tambaya mai rassa inda sakamakon reshe na farko ya zama kayan aikin na biyu. A irin wannan hali kowacce aka bi daidai ce, ni dai nakan fifita wadda ta fi dogara kai tsaye ga abin da aka bayar, domin duk ƙarin mataki ƙarin wurin tuntuɓe ne.

A koma zanen nan a ƙara masa layi na biyu daga B zuwa D, ya haɗu da AC a ɗigo O. A ce an ba da AB ∥ DC da AD ∥ BC, ana so a nuna cewa O ya raba kowane layi gida biyu daidai. Alwatikan da suka ƙunshi tsawon da ake nema su ne AOB da COD. Gefe OA da OC da OB da OD duka abin nema ne, don haka ba a taɓa su, kuma hakan ya bar gefe ɗaya tak a kowace alwatika, wato AB da CD. Tambaya ba ta ce daidai suke ba, amma an riga an tabbatar da haka a tambaya ta biyu daga waɗannan bayanai, saboda haka halas ne a ɗauka. Gefe ɗaya yana kiran kusurwa biyu, kuma AB ∥ DC ya ba da su duka: AC ya ratsa layukan ya ba da ∠OAB = ∠OCD, BD ya ratsa su ya ba da ∠OBA = ∠ODC. Haruffan tsakiya A da B sun ba da AB, C da D sun ba da CD. Ta kusurwa-gefe-kusurwa △AOB ≡ △COD, kuma OA = OC, OB = OD.

Idan aka juya tambayar, aka ba da OA = OC da OB = OD, aka ce a nuna AB ∥ DC, kusurwoyin harafin Z sun fita daga hannu, domin su ne yanzu abin nema. Abin da ke hannu gefe biyu ne a kowace alwatika, OA da OB a wannan, OC da OD a waccan, kuma duka sun yi tarayya a O, saboda haka kusurwar da ake buƙata ita ce ta O. Kusurwa AOB da kusurwa COD suna fuskantar juna a mahaɗar miƙaƙƙun layuka biyu, irin waɗannan kuwa daidai suke, kamar yadda mas'ala ta 15 ta tabbatar. Ta gefe-kusurwa-gefe △AOB ≡ △COD, daga nan ∠OAB = ∠OCD, kuma tunda waɗannan su ne lungunan harafin Z da AC ya yi da AB da DC, layukan biyu ba za su taɓa haɗuwa ba.